Hedikwatar da Ke Daura da Masallaci

A danginmu idan za a aurar da yarinya ni ake turawa binciken ango. Ba don na fi kowa hankali ba. Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, shi ma ajin sai da na maimaita shi har malamin ya fara tambayata lafiyar iyali. Abin da ya sa ake tura ni shi ne ina da baki, ina da lokaci, kuma babu mai shayin da ban taɓa zama a bencinsa ba daga Gyaɗi-Gyaɗi har Ƙauyen Alu. Sana'ata hayar rumfa da kujerun biki. Masu sharri a cikin dangi suna cewa shi ya sa ban taɓa binciken ango na dawo da labari mara daɗi ba, wai kowane saurayi a idona kujera ɗari biyu ne da rumfa. Ban taɓa tsayawa musu da su ba, don mai shago ba ya faɗa da masu kawo masa ciniki.

Yadda nake binciken kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Ka je unguwar su yaro ka zauna wajen mai shayi, ka yi kamar ka ɓata hanya. Ka yi salla a masallacinsu ka ga ko an san fuskarsa a sahu. Ka tambayi mai wanki, ka tambayi tsohuwar da ke tuya a ƙofar gida. Kafin shayinka ya huce ka san har sunan da kakarsa ke kiransa da shi.

Wannan da zan ba da labari ya faru ne a shekarun da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓa, wayar salula ta shigo hannun kowa, kuma duk wanda ya iya ɗaura kwat ya zama shugaban wata ƙungiya ko manajan wani kamfani. Yarinyar 'yar yayana ce marigayi, don haka ni ne waliyyinta. Ta yi difloma a fannin kwamfuta, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Daurawa. Ta kori samari har an gaji da ƙirga, sai ga wani saurayi ta ce shi ko babu. Uwarta, Hajiya, matar yayana, ita ma tana da nata rantsuwar. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne har ya koma ga Allah, ta ce 'yarta mai difloma ba za ta auri wanda ba shi da ofis ba. Ofis mai tebur, mai fanka, wanda ake tashi daga shi da yamma da riga fes.

Yaron kuwa ya zo da ofis. Ranar da ya zo gaisuwa cikin kwat da takalmi sau-ciki, ya durƙusa har ƙasa, ya ce shi injiniya ne a wani kamfanin samar da makamashi. Ya miƙo kati. Ya ce kamfanin har shafi gare shi a intanet.

Hajiya ta kira ni bayan ya tafi.

«Alhajin kujeru, ga aiki ya same ka.»

«Hajiya, ai yaron nan ko makaho ya shafa ya san ɗan mutunci ne.»

«Na san ka fara lissafin rumfa. Gidansu ba shi ne damuwata ba, wurin aikin nake so ka gano min. In ka dawo min da zancen shayi, wallahi ko kujera ɗaya ba za a ɗauko daga shagonka ba.»

Gidan su yaro na gama da shi a yini guda. Mutanen kirki ne, daga karkara ubansa ya zo, an san yaron a masallaci, ba ya shaye-shaye. Amma duk wanda na tambaya aikinsa sai ya ce, ai injiniya ne, ya yi wani murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. Ni kuma da na ji an ce injiniya sai na ɗauka magana ta yi daidai. Saura kamfanin. To shi kamfanin da ke cikin intanet ina mai shayinsa yake? Wane masallaci yake salla?

Kusa da shagona a Gyaɗi-Gyaɗi akwai kafe, irin shagon da ake biya a zauna gaban kwamfuta. Mai shagon Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo amma a Kano aka haife ta, Hausa a bakinta har da habaici. Madam muke ce mata. Mun saba, don duk bikin cocinsu a wajena suke ɗaukar kujeru. Na shiga na miƙa mata katin, na ce ta buɗe min wannan kamfani in gan shi da idona.

Sai da muka jira injin ya gama tunaninsa, sannan shafin ya fara saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana yaye mayafi. Ai kuwa na ga abin mamaki. Wani dogon bene na gilashi, sama shuɗiya a bayansa. Wasu Turawa da hular kwano suna nuna wani abu da yatsa suna dariya. Na miƙe tsaye.

«Madam, ya isa. Allah ya yi wa yarinyar nan baiwa. Rufe kawai.»

«Baba, zauna. Awa guda ka biya, ko minti biyar ba ka ci ba.»

«Me ya rage? Ga bene.»

«Benen nan ka taɓa ganinsa a Kano?»

«Ba ko'ina na sani ba.»

«Kai da ka kafa rumfa a kowane lungu? Baba, hoto kyauta ne. Ni ma in ka ba ni minti goma zan ɗora hotonka a saman benen nan, in rubuta kai ka gina shi.»

Na ce to ta yi hakan mana in kai wa Hajiya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in mutum yana son sanin ko akwai kamfani a bayan shafi, ba fuskar shafin zai kalla ba, don nan ne kowa ke yin kwalliya. Can ƙasa zai sauka, wajen ƙananan rubutun da ba a damu da karantawa ba. Na ce wannan na gane, don ni ma in na je bincike ba falo nake dubawa ba, tsakar gida nake leƙawa.

Ta danna wani ɗan rubutu a ƙasa, sai ga shafi cike da Turanci, ba hoto ko ɗaya. Ta ce wannan shi ne ƙa'idar sirri, wato inda kamfani ke bayyana irin bayanan da yake karɓa daga mutanen da suka shiga shafinsa, suna ne ko lambar waya ko imel, da abin da zai yi da su, da wanda za ka tuntuɓa in kana da ƙorafi. Na ce ashe har alƙawarin riƙe sirri ake rubutawa yanzu, mu a da kallon ido ne kawai.

Ta fara karantawa tana fassara min. Layin farko lafiya lau, sunan kamfanin yaronmu ne. Ta ci gaba, can sai ta tsaya, ta matso da fuskarta.

«Baba, surukin naku kifi yake kamawa?»

«Wane irin kifi?»

«Nan an rubuta cewa idan ka sayi ƙugiya ko komar kamun kifi a wajensu, za su adana lambar katin bankinka cikin aminci.»

«Ƙila wani reshe ne.»

«Kuma daga tsakiya sunan ya canza. A sama sunan kamfaninku ne, a nan kuma sunan wani kamfani ne daban, har wuri biyu. Sun ce in rigima ta taso, kotun wata ƙasa can Turai ce za ta raba. Ga kuma shekarar da aka ce an sabunta rubutun, ta girmi shekarar da aka ce an kafa kamfanin.»

Na ce yaro mai albarka ke nan, tun kafin a haife shi ya fara alƙawari. Ta ce kwafo rubutun aka yi ɗungurungum daga shafin wasu masu sayar da kayan kamun kifi, aka canza sunan a farko, aka gaji kafin a kai ƙarshe. Ta nuna min kuma cewa shafin namu ba ya sayar da komai, ba shi da inda za ka sa katin banki, to alƙawarin adana katin na mene ne?

Na gyara zama. Na tambaye ta ko wannan ya nuna ɓarayi ne. Ta ce a'a, ita ba ta ce ba. Ƙananan kamfanoni na gaskiya ma suna kwafar irin wannan don ƙyuya ko rashin lauya. Alama ce kawai, kuma alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. A duba sauran.

Muka shiga shafin tuntuɓa. Imel ɗin da aka sa irin na kyauta ne, wanda kowane ɗan makaranta ke buɗewa a shagonta. Ta ce kamfanin da ya mallaki shafi da sunansa, yawanci imel ɗinsa ma da wannan sunan yake ƙarewa. Lambar waya ɗaya ce tak, ta salula, kuma ita ce ta hedikwata, ita ce ta sashen ciniki, ita ce ta sashen ƙorafi. An ce suna da rassa a manyan birane, amma babu reshen da aka ba adireshinsa ko lambarsa. Babu sunan shugaba ko na wani ma'aikaci. Ta duba sama da ƙasa tana neman lambar rajista, wadda hukuma ke ba kamfani in ya yi rajista kuma masu ita ke son liƙa ta kusa da sunansu, ba ta gani ba.

Ina zaune ina jin kujeruna suna komawa sito ɗaya bayan ɗaya. Amma ba kujerun ne suka fi damuna ba, ko da yake ba zan ce ban tuna da su ba. Yarinyar nan a hannuna ubanta ya bar ta. Na san taurin kanta, irin namu ne. In wannan ya rushe ba za ta sake sauraren kowa ba, in kuma na rufe ido na ba da ita ga ɗan damfara, da wace fuska zan gamu da yayana?

Sai Madam ta ce, «Amma ga abin da ban gane ba.»

Adireshin ne. Ta ce masu damfara da ta saba gani akwatin gidan waya suke sawa, ko su ce wani babban titi a Legas ko Landan ba lamba, inda suka san ba za ka je ba. Wannan kuwa ya ba da sunan layi a Unguwar Gano, ya ba da lambar shago, har ya ƙara da cewa daura da masallaci.

«Ɓarawo ba ya yi maka kwatancen gidansa,» in ji ta. «Kira lambar tukuna. Yanzu lokacin aiki ne, ofishin gaskiya wani zai ɗauka ya faɗi sunan kamfanin.»

Ta ba ni wayar shagon. Ta yi ta ƙara, can aka ɗauka. Wani irin rugugi ne ya fara dukan kunnena, sannan wata murya ta ƙwala, «Salamu alaikum! Ba ya tashi ne ko hayaƙi yake yi?»

Na kashe. Na san muryar. Ita ce ta gaishe ni a durƙushe a falon Hajiya, sai dai a can a hankali take fita kamar ta mai jinya.

Madam ta ce abin da kwamfuta za ta iya ta yi, saura na ƙafa. Na hau acaɓa.

Masallacin yana nan inda aka ce. Daura da shi kuma ga hedikwata. Shago ne mai ƙofar ƙarfe da rumfar kwano, janareta manya da ƙanana jere har bakin kwata, ƙasa baƙa ƙirin da mai. Mutane na zaune a benci suna jiran a duba nasu. Ba zan ɓoye ba, abin da na fara yi shi ne neman mai shayi, hali zanen dutse. Na same shi a gefen masallaci. Ya ce ai duk yankin nan babu mai hannun yaron nan, asibitoci masu zaman kansu ma aiko masa suke, kuma ba ya cire sabon ƙarfe ya sa tsoho. Na tambaye shi kamfanin samar da makamashi fa? Ya ce bai taɓa ji ba, ko sabon gidan mai ne?

Na ƙarasa. Injiniya yana tsugune, kansa a cikin wani inji, riga ba a gane kalarta. Na yi sallama na ce ina neman sashen ƙorafi.

Ya ɗago. Sifanar da ke hannunsa ta faɗi. Ya rasa ko ya durƙusa ko ya gudu, sai ya yi rabin kowanne.

«Baba... sannu da zuwa, Baba.»

«Yawwa. Na zo sayen ƙugiya ne. An ce har katin banki kuke adanawa.»

Bai gane zancen ƙugiya ba sam, a nan na san ba shi ya rubuta ba, ko karantawa bai yi ba. Ya ja ni ciki ya share min kujera da gefen rigarsa, ya ƙara mata dauɗa. Ya ce wallahi bai taɓa karɓar sisin kowa da sunan kamfanin nan ba, ba wanda ya san da shafin sai gidanmu. An gaya masa Hajiya ba za ta ko saurare shi ba in ta ji bakanike ne. Na ce wa ya gaya masa? Ya sunkuyar da kai. Na ce wa ya gina benen gilashin? Ya ƙara sunkuyarwa har na ji tsoron zai shige cikin injin.

Da yamma na tare 'yar tawa a hanyar dawowa daga makaranta.

«'Yar Baffa, ashe har kamun kifi aka koya muku a difloma?»

Ta tsaya cak. Ita ta gane nan take.

«Baffa, kowa fa kwafa yake yi.»

«Kowa yana karantawa har ƙarshe ko?»

«Ya yi tsawo ne. Ban zaci akwai wanda zai duba ba.» Sai idonta ya kawo ruwa. «Baffa, ka ga aikinsa. Ka ga mutumin. Me ya rasa ban da tebur?»

Na tambaye ta me ya sa ta sa adireshin gaskiya, tunda ƙarya aka tashi yi. Ta ce shi ne ya ƙi. Ya yarda da bene, ya yarda da Turawa, amma ya ce lambar waya da adireshi a sa nasa, ko wani zai gani ya kawo gyara.

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Da zan iya cewa Hajiya na je na ga hedikwata da idona, kuma ban yi ƙarya ba. Irin wannan gaskiyar na iya ta tun ina yaro. Amma Hajiya za ta je gidan 'yarta wata rana, za ta ga rigar a kan igiya. Na shirya na tafi.

«Hajiya, kamfani dai babu. Mutum akwai.»

Na zayyana mata komai, daga ƙugiya har mai shayi. Na zaci bakanikancin ne zai tayar mata da hankali. Sai ta ce a kira mata 'yarta. Faɗan da ta yi ranar ko kalma ɗaya ba ta ambaci ofis ba. Cewa take, ni za ku mayar 'yar ƙauye? Ni za a nuna wa hoto? Na so in tuna mata cewa ba ita aka nuna wa hoton ba, ni ne, kuma ya yi aiki, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Ta ce an fasa. Yarinya ta shige ɗaki, gidan ya yi makonni ba mai dariya.

Na yi ta zarya. Hajiya ba ta son a ce ta sauko, don haka sai da ta nemo hanyar da za ta sauko tana tsaye. Ta ce sharaɗinta ɗaya, duk abin da aka rubuta a shafin nan, ko dai ya zama gaskiya ko a goge shi, kuma ba 'yarta za ta karanta mata ba, Madam za ta karanta. In abin da ya rage ya isa a ba mutum mata, za ta gani.

Haka muka taru a kafe wata safiya, ni da yaran biyu da Madam. Madam na karanta layi, ni ina tambaya, wannan gaskiya ne? Bene ya tafi. Turawa suka bi shi da hulunansu. Rassa suka rufe a minti ɗaya, ban taɓa ganin kamfani ya karye cikin natsuwa haka ba. Da muka zo ƙa'idar sirri Madam ta ce tunda shafin ba ya karɓar bayanan kowa, a rubuta hakan kawai, a ƙara da cewa lambar wanda ya kira ba za a ba wani ba. Yaron ya ce ai dama ba ya bayarwa. Layi biyu ta zama. Shi da kansa ya ce zai je ya yi wa sunan shagon rajista, ya kuwa yi, ko da yake sai da muka jira har bayan damina kafin takardar ta fito a sa lambar.

Da aka sa lambar, Madam ta buga abin da ya rage a takarda, ko rabin shafi bai cika ba. Ta rufe shagonta ta bi ni har falon Hajiya ta karanta. Gyaran janareta manya da ƙanana. Lambar rajista. Lambar waya. Layi kaza, shago kaza, daura da masallaci.

«Shi ke nan abin da ya mallaka?» in ji Hajiya.

«Shi ke nan, Hajiya.»

Ta karɓi takardar ta juya bayanta ko akwai ci gaba. Babu.

«To. Ko ba komai na san inda zan je in shaƙe shi in ya ɓata mata rai.» Ta dube ni. «Kai kuma kujerun da za ka kawo, ban da masu karyayyar ƙafar nan da kake jinginawa da bango.»

Na kawo masu kyau a sahun gaba. Sauran na jingina su da bango.